Midiyan ɗina bai yi daidai da na malami ba

Ɗalibar aji biyu: Assalamu alaikum. A darasin yiwuwa an ba mu f(x) = 3x²/8 daga 0 zuwa 2, aka ce mu fitar da F(x) da midiyan. Na sa f(m) = 1/2, na samu 1.155, malami kuma ya rubuta 1.587. Don Allah ina matsalar take?

Ɗan ajinsu: Wa alaikumus salam. Ai sai kin yi intagireshan. Na ninka f da x, na haɗa daga 0 zuwa 2, na samu 1.5.

Tsohon malamin lissafi: Intagireshan kam dole ne, ɗana, amma abin da ka fitar matsakaici ne, wato min, ba midiyan ba.

'Yata, f(x) tsayin lanƙwasar ne kawai a wuri guda. Yiwuwa tana cikin filin da ke ƙarƙashinta, shi ya sa ake tara filin tun daga hagu:

F(x) = ∫₀ˣ 3t²/8 dt = x³/8

Kafin 0, F sifili ce. Bayan 2 kuma tana zaune a kan 1. Ki rubuta waɗannan biyun ma, ana zabge maki a kansu. Sannan ki duba F(2) = 8/8 = 1. Da wani adadi ya fito, to lissafin ya karkace tun daga tushe.

Midiyan shi ne inda filin ya rabu biyu daidai, wato F(m) = 1/2. Ke nan m³ = 4, m ≈ 1.587. Mayar da naki cikin F ki gani: 1.155 yana ba da kusan 0.19, na abokinki kuma 0.42. Duk ba su kai rabi ba. Dalilin da midiyan ya haura matsakaicin a nan shi ne nauyin ya taru kusa da 2, ƙananan adadin nan na hagu kuwa suna jan matsakaicin ƙasa.

Wata daga Zinder: Malam, ni nawa f(x) = 2(3 − x)/9 ne daga 0 zuwa 3. Na kai m² − 6m + 4.5 = 0, sai ga amsa biyu, 0.879 da 5.121.

Tsohon malamin lissafi: Aikinki ya yi. Ki watsar da 5.121, ya fita daga iyaka. Wannan F ɗin tsakanin 0 da 3 kaɗai take aiki.

Ɗan ajinsu: To Malam, idan f = 1/2 ce daga 0 zuwa 1, sifili daga 1 zuwa 2, ta koma 1/2 daga 2 zuwa 3 fa?

Tsohon malamin lissafi: Can F tana kwance a kan 1/2 tun daga 1 har 2, kowane adadi a tsakani ya cika sharaɗin. Wasu sukan ɗauki tsakiya, 1.5, wasu mafi ƙanƙanta, 1. Ni 1.5 nake rubutawa.

Wata daga Zinder: Mu kuwa 1 aka koya mana, Malam. Zan tambayi namu dalili ranar Litinin.