Saniyar da aka yi wa allura: yaushe madararta da namanta za su koma kasuwa?

Mai kiwo daga Wamakko:

Assalamu alaikum. Ina da shanu uku da ake tatsa. Ɗaya daga ciki, bokoloji ce, ta kamu da ciwon kofato har ta daina cin abinci, sai wani mai sayar da magani ya yi mata allurar oksitetrasaiklin, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai dogon aiki, ranar Asabar, ya maimaita ranar Talata da safe, kowane karo mililita 40 a cinya guda. Tun daga lokacin kindirmon gidana ya ƙi kamawa. A jikin kwalbar an rubuta a jira kwana 7 kafin a yi amfani da madara, kwana 28 kuma ga nama. Daga wace rana zan fara ƙirga, kuma ko tafasawa za ta wadatar? Idan ba ta warware ba, ina tunanin kai ta Kara in sayar.

Dattijo daga Kware:

Wa alaikumus salam. Malam, tun muna yara muke cikin shanu, kuma abin da na sani shi ne a bar madarar kwana uku, sannan a tafasa ta sosai kafin a ba kowa. Wuta tana kashe abin da ke ciki. Sai dai kada ka haɗa ta da ta sauran shanun a kwanakin nan.

Likitan dabbobi a Sakkwato:

Baba ya faɗi gaskiya a kan raba madarar, amma ina neman afuwarsa a kan batun wuta. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta ne saboda suna da rai, shi kuwa magani sinadari ne, zafi yana iya rage wani kaso nasa, amma babu wanda zai tsaya a gaban tukunya ya san nawa ya tafi, nawa ya rage. Kwana uku kuma adadi ne da ya dace da wasu magunguna, ba da wanda ke hannun Malam ba.

Ƙirga tana farawa daga allurar ƙarshe, domin duk allurar da aka ƙara ta mayar da lissafi farko. Da a ce an bi ƙa'idar kwalbar daidai, kwana 7 za su cika ne ranar Talata mai zuwa da safe, ni kuma da sai in ce a fara amfani da tatsar Laraba, nama kuwa sai Talata ta huɗu ta wuce. Amma ba a bi ƙa'idar ba, kuma nan ne matsalarka take.

Wannan magani yana da miligiram 200 a kowace mililita, kuma ma'auninsa mililita 1 ce ga kowane kilo 10 na nauyin dabba. Idan saniyarka ta kai kilo 250 zuwa 300, abin da ya kamace ta mililita 25 zuwa 30 ne, a raba su wuri biyu ko uku. An ba ta 40 a wuri ɗaya, har sau biyu. Kwanakin da kamfani ya rubuta ya samo su ne daga gwajin da aka yi da daidai ma'auni, a kan dabbobin da hantarsu da ƙodarsu ke aiki yadda ya kamata. Jiki ba ya fitar da magani gaba ɗaya, yana rage shi ne rabi bayan rabi, har ya sauka ƙasa da iyakar da aka yarda da ita. Ƙarin ma'auni kaɗai da ba zai ja kwanaki masu yawa ba. Abin da ya fi damuna shi ne tara shi wuri guda, domin an haɗa wannan magani ne musamman don ya zauna cikin tsoka yana shiga jini a hankali, to idan aka cusa da yawa sai wurin ya kumbura, tsokar ta lalace, maganin ya riƙa tsiyaya fiye da lokacin da aka tsara masa. Ga shi kuma saniyar ta yi kwanaki ba ta ci ba ta sha sosai, wanda ke rage saurin aikin ƙoda.

Shawarata ita ce ka riƙe madararta mako biyu daga Talatar allurar ƙarshe. Wannan kintace ne na taka-tsantsan daga gare ni, ba adadin da ke rubuce a kwalba ba, saboda haka ka sa likita ya ga saniyar ido da ido, ko na ƙaramar hukuma ko na asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ka sake karanta takardar kuma, domin wasu kamfanonin sun rubuta cewa kada a yi wa saniyar da ake tatsa nasu samsam.

Mai sayar da fura da nono, Gawon Nama:

Dakta, abin da ya faru da iyalin Malam ya taɓa faruwa da ni. Na sayi madara daga wurin mata uku, na haɗa a tukunya ɗaya, na dafa, na bari ta huce, na zuba tsohon nono kamar kullum, na rufe ƙwarya. Da asuba na buɗe na tarar da ruwa tsararo, babu kauri, babu tsami, sai wani wari da ban saba ji ba. Na ɗauka irin nonon ne ya mutu, na aro na maƙwabciya, washegari ma haka. Sai daga baya ɗaya daga cikin matan ta ce an yi wa saniyarsu allura. Tun daga nan nake gwadawa a ƙaramin kofi kafin in haɗa. Idan ya kama, na san madarar ta tsarkaka ke nan, ko ba haka ba?

Likitan dabbobi a Sakkwato:

Hajiya, gwajinki yana da amfani, amma ta fuska ɗaya. Abin da ke mayar da madara kindirmo ƙwayoyin halitta ne masu rai da ke cikin tsohon nonon, maganin kuma bai san bambancinsu da masu cuta ba. Idan kofin ya ƙi kamawa, akwai dalilin zargi mai ƙarfi. Idan ya kama, abin da kika sani kawai shi ne maganin bai kai yawan da zai hana su aiki ba, kuma yana iya kasancewa sama da iyaka. Hukumar Kodeks, wadda ke tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta sa iyakar wannan magani a madara maikrogiram 100 a lita, wato miligiram 1 kacal ya isa ya kai lita 10 bakin iyaka. Saniyar Malam kuwa miligiram 8,000 aka ba ta a kowane karo. Ko da ɗan kaɗan ne daga ciki ya bi ta hantsa, madarar shanu biyu ba za ta surka shi ya ɓace ba, sai dai ita ma ta lalace.

Akwai kuma magungunan da kofinki ba zai taɓa nunawa ba. Allurar ibamektin ta tsutsa da kaska ba ta taɓa ƙwayoyin nono, kindirmo zai kama tsaf, alhali tana narkewa cikin kitse, tana daɗewa tana fita a madara, har ta tattaru a man shanu. Shi ya sa ake rubuta cewa kada a yi wa dabbar da ake tatsa domin mutane.

Matashi daga Bodinga:

Ni a ganina a duba ranar lalacewar maganin tukuna. Idan kwalbar ba ta wuce lokacinta ba, ai maganin lafiyayye ne, ban ga abin tsoro ba.

Ma'aikaciyar jinya, Runjin Sambo:

Ƙanena, ba wannan ranar ake magana ba. Lafiyayyen magani ma an yi shi ne domin saniya mara lafiya, ba domin yaron da ake dama wa fura kullum da safe ba. Kada mu tsorata mutane fiye da kima: kofi ɗaya na irin wannan madara da wuya ya kwantar da babba. Abin da ake gudu shi ne maimaituwa, domin ɗan magani kaɗan da ke ratsa hanji yau da gobe yana ba ƙwayoyin cuta damar sabawa da shi, ranar da aka buƙace shi da gaske sai ya ƙi aiki. Banda wannan, da a ce fenisilin aka yi wa saniyar, akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarsa, waɗanda kaɗan ma zai iya tayar musu da borin jini.

Mahauci daga Kara:

Malam mai saniya, ina roƙonka kada ka kawo ta yanzu. Mu ne muke ganin abin da ke ƙarƙashin fata. Cinyar da aka cusa wa irin wannan allura, idan ka tsaga sai ka tarar da wuri kamar faɗin tafin hannu ya yi ruwan ɗorawa ko ƙasa-ƙasa, ya taurare, wani lokaci da ruwa a tsakiya, ga warin magani. Dole a yanke a zubar, kuma a mafi tsadar nama. Masu allura su ji tsoron Allah su riƙa yi a wuya. Amma ni a sanina, idan an cire wurin, sauran naman ba shi da laifi.

Likitan dabbobi a Sakkwato:

Alhaji, wurin allurar shi ne mafi muni, amma maganin ya riga ya bi jini ya zagaya jiki. Ƙoda ce ke riƙe mafi yawa, sai hanta, sannan tsoka, kuma ba a ganinsa da ido, gashin tsire ko balangu ma ba ya ba da tabbacin kawar da shi. Saboda yadda aka yi wa wannan saniya allura, kwana 28 ya zama mafi ƙarancin jira, ni da zan ƙara makonni a kai. Idan larura ta sa dole a sayar da ita da rai, a gaya wa mai saye sunan maganin da ranar allurar ƙarshe. Tun kafin a huda dabba ya kamata a yanke shawara: idan ana ganin yanka za a yi, to kada a yi allurar.

Mai kiwo daga Wamakko:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta ranar a bangon garke da gawayi, na ɗaura mata jan ƙyalle a ƙaho saboda yaran da ke tatsa, kuma za a riƙa tatsar ta a ƙarshe, a ƙwaryarta daban. Kofaton ya fara warkewa. Abin da ya rage shi ne madarar mako biyu. Zubar da ita yana yi mini nauyi. Zan iya barin maraƙinta ya shanye?

Dattijo daga Kware:

Ka sakar masa ita, ai hakkinsa ne tun asali, kuma hakan zai hana ta ƙafewa.

Likitan dabbobi a Sakkwato:

A nan ban da amsa mai tsabta, Baba. Maraƙin da ke bin uwarsa raba su wata wahala ce, kuma a garke irin namu yawanci ana barinsa ya sha, da sharaɗin ba za a yanka shi ko a sayar da shi don yanka ba a wannan tsakanin. Amma cikin abokan aikina akwai masu hanawa, domin abin da Hajiya ma'aikaciyar jinya ta faɗa game da hanjin yaro yana faruwa a hanjin maraƙi. Abin da ya rage bayan ya sha, Malam, a tatse a zuba a rami a rufe, nesa da rijiya. Maraƙin wata nawa ne, kuma ya fara cin ciyawa?