Neman shawara: gyaran da muka yi wa ƙaramar malama ya koma kamar zaman shari'a

Direktan wata lakwal a Garin Malam:
Salamu alaikum malamai. Ran Asabar muka gwada mikro ansenyiman ɗin nan, wato malami ya yi ɗan gajeren darasi na gwaji ana kallo sannan a yi masa gyara, wata sabuwar malama ta yi mana darasin lissafi na aji uku, ragi mai aro, 52 a cire 27. Mu 11 muka zauna. Da ta gama kowa ya faɗi nashi, wani rubutun tablo, wani murya, wani fishi wato takardar shirin darasi, har ta fara share hawaye da gefen mayafi. Yanzu ba wanda ke son fita gaba. Dan Allah yaya ake gyaran nan ba tare da an karya mutum ba?

Wani mushe daga Mirriya:
Wa alaikumus salam direkta. Ai mu nan aji ɗaya yara sun fi 80, ina za mu samu ƙaramin ajin da za mu riƙa koyarwa haka? Wannan tsari na masu hali ne.

Tsohon konseye, yana zaune a Birni:
Ƙanena na Mirriya, ba a ce ka rage ajinka ba, wannan atisaye ne na malami kamar yadda ɗan kokowa ke yi kafin ya shiga fili. A jami'ar Stanford ta Amirka aka faro shi a 1963, su Dwight Allen, kuma da gangan suka ƙanƙanta komai, yara huɗu ko biyar, minti 5 zuwa 10, dabara guda ɗaya tak, a yi gyara sannan a sake darasin.

Direkta, matsalar tun kafin ta ɗauki alli ta faro, don ba ku yanke abin da za ku kalla ba, shi ya sa kowa ya kamo abin da idonsa ya faɗa a kai. Kafin a fara sai ka zauna da ita ku zaɓi abu ɗaya, a ce yadda take jefa tambaya, to ran nan ko rubutunta ya karkace kamar hanyar tururuwa ba ruwan kowa da shi.

Bari in ba ka wanda na gani da idona, shi ma ragin nan ne na 52 a cire 27. Na ba mutum biyu takarda, ɗaya yana jan layi duk sanda malamin ya yi tambaya ya kuma rubuta wa ya amsa, ɗayan yana ƙirga daƙiƙa nawa ya jira kafin ya karɓi amsa. Cikin minti 7 tambaya 14 ya yi. Guda 9 duka ajin suka amsa baki ɗaya, mafi yawansu ma "kun gane?" ne su ce "eeeh", 3 shi ya amsa wa kansa, da ya ce "za a iya cire 7 daga 2?" bai ko numfasa ba ya ce "ba za a iya ba, sai mu aro", sauran 2 kuma yaran bencin gaba ne masu kaɗa yatsa suna mushe mushe. Akwai wata yarinya can gefe da ta rubuta 35 a allonta, wato ta juya ta cire 2 daga 7, kuma wannan shi ne kuskuren da darasin ya zo ya magance, amma bai gan ta ba sam.

Da aka gama ban fara magana ba, shi na tambaya me ya so yaran su iya, kuma a ganinsa sun iya? Ya ce sun amsa dai da ƙarfi. Sai na ajiye masa takardar a gabansa ya karanta da kansa, ya yi shiru, can ya ce ashe ni kaɗai na yi ta hira. Ka ga ban ce masa ba ka iya tambaya ba. In ka ce wa mutum ba ka iya ba sai ya fara kare kansa, amma layi 9 a takarda ba abin musu a ciki. Gyara ɗaya na ba shi, ya jefa tambaya ya ƙirga uku a zuci sannan ya kira sunan yaro ɗaya, kuma ba lallai mai ɗaga hannu ba. Wannan jiran ba ni na ƙirƙiro shi ba, Mary Budd Rowe ta auna ta ga malamai kusan daƙiƙa ɗaya kawai suke jira, in aka kai uku amsar yara na ƙara tsawo kuma masu shiru na shigowa. Na ba shi minti 15 ya gyara fishinsa, ya sake darasin da wasu yara daban. A karo na biyu tambaya 6 kawai ya yi, darasin bai ma ƙare ba lokaci ya cika, amma ya kama yaro mai irin kuskuren nan ya tsaya a kansa. Kuma mutum biyu ko uku sun isa yin gyara, 11 sun yi yawa wallahi, balle da shugabanta a ciki.

Wata madam daga Karkada:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni dai abin da aka koya mana shi ne ka fara da yabo, ka sa gyara a tsakiya, ka rufe da yabo, shi ke nan ba wanda zai ji haushi.

Tsohon konseye:
Ƴata, yabo na da kyau amma in ya zama al'ada mutum na jin "kin yi ƙoƙari" sai gabansa ya faɗi yana jiran "amma". Yabon shi ma ya zo da shaida, ki ce lokacin da kika kwance ƙullin tsinke goma a gabansu yaran baya har miƙewa suka yi, to ta san abin da za ta riƙe.

Wani matashin malami ɗan kwantara:
Ni nawa da waya aka ɗauke ni, kallon farko wallahi ba abin da na gani sai rigata da yadda nake cewa "to" kowane lokaci, sai a na biyu na lura rabin darasin bayana na ba yara ina magana da tablo. Ya taimake ni sosai. Amma daga baya wani ya tura bidiyon a wani zaure ana ta dariya, har yau ban manta ba. In za ku ɗauka ku ɗauka da wayar mai darasin, ita ce mai ikon gogewa.

Direktan:
Na gode ƙwarai Baba, laifin nawa ne, ni na ce kowa ya yi magana. Sai dai mu malamai ne muka zauna a matsayin yara, ko shi ma kuskure ne?

Tsohon konseye:
Ba kuskure ba ne amma yana da iyaka, babba ba zai rubuta 35 ba sai dai ya yi wasan kwaikwayo, wani ma ya wuce gona da iri. Don gwada bayani ko tsarin tablo manya sun isa, don tambaya kam ni yara biyar na gaske nake so.

Madam daga Karkada:
Nan kam ban yarda ba Baba, yaro in ya ga manya jere a bayansa bakinsa mutuwa yake, ba za ka ga halinsa na aji ba. Direkta ni shawarata ran Asabar mai zuwa kai ka fara fita gaba da allinka, ka ba ita malamar takardar ƙirga tambayoyin a hannunta.