Gasar farko ranar Asabar, gabana sai faɗuwa yake

Yusuf Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan shiga gasar gudu a karon farko, mita 5,000, a filin wasa na Karkanda da ke Katsina, an ce ƙarfe 8 na safe. Wata huɗu ina atisaye, ina gama kilomita 5 a minti 25. Amma tun jiya da na tuna da gasar sai gabana ya faɗi, bakina ya bushe, cikina ya yi ta ƙugi. Don Allah manya a taimaka min da shawara.

Malam Sada Koci: Wa alaikumus salam. Yusuf, abin da kake ji ba ciwo ba ne. Jiki ne ke sakin sinadarin adirenalin, shi ke sa zuciya sauri, ya busar da yawu, ya motsa hanji. Ba za ka iya hana shi zuwa ba, sai dai ka rage masa ƙarfi, kuma da numfashi ake yi. Ka zauna, ka ɗora tafin hannu a kan cibiya. Ja iska ta hanci kana ƙirga 4, cikin ne zai taso, kafaɗu su tsaya inda suke. Sai ka sake ta ta baki a hankali kana ƙirga 6, kamar mai hura koko mai zafi a ludayi. Sau 12 ya kai minti 2. Fitar iskar ce ke da muhimmanci, domin lokacin da take fita zuciya ke lafawa, shi ya sa ake tsawaita ta. Ka fara daga daren yau, bayan Isha'i da bayan Asuba. Wanda bai saba ba, ranar gasa ba zai tuna da shi ba.

Abba Daura: Kawai ka yi ta jan numfashi da ƙarfi sau 20 kafin a busa usur, huhu ya cika da iska.

Sista Binta: A'a Abba, wannan kam kada ya yi. Jan numfashi da sauri da ƙarfi yana fitar da iskar kabon dayokzaid fiye da kima. Alamarsa jiri, da tsikarin yatsu da leɓe kamar ana tsira allura. Mutum ya ji haka sai ya ƙara tsorata, ya ƙara haki. Yusuf, in ka ji yatsunka sun fara haka, rufe baki, ka koma hanci, ka tsawaita fitarwar yadda Malam ya ce.

Abba Daura: To ai na ga 'yan ninkaya na yi.

Sista Binta: Su ma ana hana su, yana sa mutum ya sume a ƙarƙashin ruwa.

Malama Rabi (wasanni): Ni abin da ke ci min rai kowace shekara shi ne yadda tsoro ke kona yara a zagayen farko. Yaro ya yi wata da watanni yana wahala, ana busa usur sai ya bi rububin na gaba, ga ihun 'yan makarantarsu a kunne, bai ma san yana sauri ba saboda jikinsa a tsume yake. Kafin zagaye na biyar ka gan shi ya riƙe haƙarƙari, kai ya koma baya, ƙafa kamar an ɗaura mata bulo. A bara yarinyarmu da ta fi kowa atisaye haka ta zauna a gefen fili tana kuka a zagaye na shida, alhali lafiyarta ƙalau.

Yusuf, ɗauki biro. Zagaye ɗaya mita 400 ne, mita 5,000 zagaye 12 da rabi ke nan. Minti 25 ɗinka ya kama minti 2 daidai a kowane zagaye. Daga can ɗaya ɓarin filin za a tashe ku, don haka rabin zagayen za ka fara yi: in ka iso layin gamawa a karon farko agogo ya nuna daƙiƙa 60. In ka ga 50, ka yi sauri, sassauta nan take. Zagaye uku na farko ka riƙe 2:00 zuwa 2:03, ko da kowa ya wuce ka, ko da ka ji kamar tafiya kake. Daga na tara in da sauran ƙarfi sai ka fara cimma waɗanda suka yi gaggawa, kuma za ka same su. Rubuta 2:00 a bayan hannunka. Ka sa wani abokinka a bakin layi yana kira maka adadin zagayen da ya rage, don ƙirga na ɓacewa mutum in ya gaji, musamman in na gaba sun zagayo sun wuce shi.

Yusuf Ƙofar Marusa: Malama, in na zo na ƙarshe fa? Abokaina duk za su zo.

Malama Rabi (wasanni): Ba ka san waɗanda za ku kara da su ba, wasu suna gamawa ƙasa da minti 18, don haka matsayi ba a hannunka yake ba. Buri uku za ka riƙe: ka gama ba tsayawa, ka gama tsakanin minti 25 da 26, in ranar ta yi kyau ka sauka ƙasa da 25.

Nura Mai Shayi: A zo wurina a sha shayi mai kauri da ƙwai uku, tsoro zai gudu kafin kai.

Malam Sada Koci: Nura, bayan gasa za mu zo. Ƙwai soyayye da ƙosai da wake da fura da nono duk a bar su safiyar nan, suna daɗewa a ciki, ga hanji dama a motse. Da zarar an idar da Asuba ka sha koko kofi ɗaya da burodi ko ayaba, abin da cikinka ya sani. Fiya wata leda ɗaya wajen ƙarfe 6, daga nan sai kurɓa kaɗan-kaɗan. Ban da lemon ƙara kuzari, kafeyin ɗin da ke ciki bugun zuciyar zai ƙara maka. Takalmin da kake atisaye da shi za ka sa, ba sabo ba. Ka haɗa jaka tun ranar Juma'a da dare.

Kabir Funtua: Ni matsalata gwiwa ce in na sauko gangare, wane man shafawa ya fi?

Sista Binta: Kabir, buɗe taka tambayar daban. Yusuf, abu ɗaya: faɗuwar gaba daban, ciwon ƙirji mai matsewa ko suma lokacin gudu daban. In ka taɓa jin waɗannan, sai likita ya duba ka kafin Asabar. In kana da asma, ga ƙurar hunturu, abin shaƙarka ya kasance a aljihu.

Malam Sada Koci: Dumama jiki: 7:25 ka fara sassarfa minti 10, sai gajeren gudu na mita 60 sau huɗu, ka gama saura minti 10, ka sa rigar sanyi, ka yi numfashinka.

Abba Daura: Malam, ka manta gasar garin nan. A ce 8, a tashi 10 saboda jiran manyan baƙi. Ya dumama ya huce, ga yunwa ga rana.

Malam Sada Koci: Nan ka yi gaskiya. To kada ya fara sai ya ji an kira tseren da ke gaban nasu. Ya tafi da dabino biyar da ruwa, ya zauna a inuwa.

Malama Rabi (wasanni): Ni na fi son ya yi sassarfar a kan lokaci, zaman jiran nan shi ke ƙara tsoro. In an jinkirta sai ya maimaita gajerun kawai.

Malam Sada Koci: Awa biyu yana tashi yana zama zai gajiyar da ƙafa, Malama.

Yusuf Ƙofar Marusa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Barcin fa? Na san ranar Juma'a da dare ba zan runtsa ba.

Sista Binta: Ka sami barci sosai ranar Alhamis da dare. Na Juma'a ko awa huɗu ka samu ba zai hana ka gudu ba, ka kwanta dai ka ajiye waya. Kada ka sha maganin barci, da nauyin jiki za ka tashi.