Bambanta jedait da nefirait da koren dutse na jabu

Masu cinikin jed, dutsen ado mai iri biyu, jedait da nefirait, sukan yi awon nauyi cikin ruwa, domin ido na ruɗuwa. Auna dutsen a busashe, sannan a rataye cikin ruwa, ka raba nauyin farko da bambancin biyun. Awarwaro mai giram 50 da ya koma giram 35 a ruwa, 50 raba 15 ya ba da 3.33, wato jedait, irin na Myanmar. Nefirait yana tsayawa wajen 2.95, gilashi kuwa galibi 2.5.

Sai dai awon nan ba ya tona rini. Ɗora madubin ƙara girma mai ninki 10, haske na bayan dutsen: rini yakan taru a tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo. Wanda aka wanke da asid aka ɗura masa roba, wato ajin B, ya fi wuyar ganewa, sai ɗakin gwaji ya tabbatar da shi. Da daɗewa yakan yi rawaya, shi ya sa farashinsa ke faɗuwa warwas.

A jedait da ba a rina ba kuma ba a ɗura masa roba ba, launi ne kan gaba: kore shar mai kama da zumurrudu. Sai yadda haske ke ratsa shi, da laushin ƙwayoyinsa. Tsaga guda a awarwaro tana karya kuɗinsa.