Me za mu kira Bcc da Hausa, da sauran hanyoyin da saƙon imel ke yoyo?

Sakatariyar Ƙungiya: Salamu alaikum. Ina rubuta wa sababbin ma'aikatanmu abin da za su duba kafin su aika imel, na cije a kan yadda zan kira Bcc da Reply All da tsofaffin saƙonnin da Forward ke jawowa da Hausa. Wani ya ce mini in kira Bcc "makahon kwafi", amma bai zauna mini ba.

Tsohon Akawu: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Cc, wato kwafin da ake ba wani kowa na gani, daga takardar kabon ya samo asali, wadda muke sakawa tsakanin takardu biyu a tafireta. A Bcc kuwa kwafin ba makaho ba ne, sauran mutanen ne ba sa ganin an ba wani. Ni "kwafin ɓoye" zan ce. Reply All kuma "amsa ga kowa", tunda duk wanda aka aika wa zai samu.

Maman Hanifa: Baba, kwafin ɓoye ya yi, amma "kowa" zai ruɗi mutane. Reply All na zuwa ga mai aikowa da waɗanda ke layin To da Cc kaɗai, na Bcc ba sa samu. Haɗarin yana wajen wanda aka ɓoye. A ce Hajiya ta rubuta wa ɗan kwangila, ta sa shugabanta a Bcc. Shugaban ya danna Reply All ya rubuta "kar a biya shi tukuna". Shike nan, ɗan kwangila ya ga maganar, ya kuma gane ana sauraro ta bayan labule. Gara ki aika saƙon, sannan ki tura wa shugaban daban.

Ɗan Damagaram: Mu nan wayoyinmu da Faransanci suke, Cci muke gani. Shi ne tambarin da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka yi ta turawa?

Maman Hanifa: A'a ɗan'uwa, Cci ɗinku shi ne Bcc. Kuma mantawa da shi ba ƙaramin abu ba ne. A Satumban 2021 ma'aikatar tsaron Birtaniya ta aika imel ga 'yan Afghanistan 245 masu neman a kwashe su, duk adireshinsu a layin To. Biyu suka amsa wa taron duka, ɗaya har ya faɗi inda yake. Tarar fam 350,000 aka ci ma'aikatar.

Tsohon Akawu: Subhanallahi. To a ce "amsa ga taro". Abin da Forward ke jawowa kuma ni "jela" nake ce masa, don jela a baya take, mai ita ba ya ganinta.

Sakatariyar Ƙungiya: Jela ta kama ni sarai. Na taɓa amsa saƙo na ƙara wani baƙo a Cc, ashe a ƙasa akwai farashin da muka tattauna a cikin gida. Gmail ya naɗe shi ƙarƙashin ɗigo uku, ban buɗe ba. Yanzu zan rubuta: karanta layin To da Cc suna bayan suna, buɗe jela har ƙarshe ka yanke, duba fayilolin da Forward ya ɗauko. Dubawar kanta fa, "tankaɗe saƙo"?

Maman Hanifa: Tankaɗe ai na garin tuwo ne, Hajiya. Ni "kakkaɓe" ya fi mini.

Tsohon Akawu: Ku bar ni in kwana da shi.