Asid ya zube a lab: a kashe shi, a tsane shi, ko a fita?

Hauwa: Salam jama'a, jiya asid ɗin salfurik mai ƙarfi, H2SO4 98%, ya zube min a ƙasa, kamar 200 ml, cikin ruɗewa na jefa masa tishu sai kawai na ga ta yi baƙi ƙirin tana ɗumi. Ogana ya ce da na fara watsa ruwa. Don Allah me ya kamata in yi tun farko?

Bashir: Ai ogan naki na da gaskiya, ruwa ne maganin asid, a malala masa bokiti guda shikenan

Malam Sani: Bashir, ruwa na jikin mutum ne, in ya taɓa fata ko ido a wanke minti 15 ba tsayawa. Amma a ƙasa in ka zuba wa salfurik mai ƙarfi ruwa zafi yake yi yana fallatsi, kuma ka baza shi ko'ina. Hauwa, ni abin da nake fara dubawa shi ne hayaƙi. Naki ba ya hayaƙi sosai, kuma 200 ml ba yawa, to a tsaya a yi aiki: gilashin ido, safar hannu mai kauri, a kewaye shi da busasshen yashi kada ya gangara magudana, sannan a barbaɗa garin soda mai kashe asid, wato NaHCO3, daga gefe zuwa tsakiya kaɗan-kaɗan.

Hauwa: Malam akwai ƙaramin gwangwani a kit ɗinmu, zai isa?

Malam Sani: Da wuya. 200 ml na cin kusan gram 600, mutane nan suke kuskure, su zuba cokali biyu su ga kumfa su ce an gama. Ki jira kumfa ta lafa ki ƙara, in ta daina ki jiƙa takardar pH ki gwada wurare biyu uku, sai ta nuna 6 zuwa 8 a kwashe.

Zainab: Mu kwalbar asid ɗin HCl ta lita 2.5 ce ta fashe mana, kafin ka ce kwabo farin hayaƙi ya cika ɗakin, ido na hawaye maƙogwaro na ƙaiƙayi, wani abokin aikinmu ya tsaya wai zai zuba soda, da ƙyar muka jawo shi yana tari. Muka rufe ƙofa muka kira masu kayan numfashi. Takunkumin asibiti ba ya tare wannan wallahi

Bashir: To garin katako fa? Na ga yana tsotsewa sosai

Malam Sani: Kul, musamman ga naitirik, yana iya kamawa da wuta ya fitar da hayaƙi ruwan ƙasa, wanda ya shaƙa sai bayan awanni huhu ya cika da ruwa, ko yana jin garau ya je asibiti. Kuma tsanewa ba ta kashe asid, abin da ka kwashe asid ne har yanzu.

Zainab: Ni dai ko salfurik ne in ya kai lita fita zan yi

Malam Sani: Wasu dakunan lita ce iyakarsu, wasu 500 ml, ya danganta da iska da kayan da ke hannu. Asid ɗin HF, wato haidrofulorik, kam ko kaɗan ne ban yarda ɗalibi ya taɓa ba, kuma shi ba a sa masa yashi.

Hauwa: Tishun jiya tana nan a leda, ina zan kai ta?