Kammalawar da ta manta da tambayar babi na ɗaya

Wani ɗan'uwa mai digiri na biyu a ilimin tauhidin Kirista ya kawo kuka, sufabaiza ya dawo masa da babin ƙarshe wai bai amsa tambayar binciken ba. Tambayarsa ita ce shin Majalisar Chalcedon, taron shugabannin ikilisiya na shekarar 451, ta bi koyarwar Bishop Cyril na Iskandariya kan ɗabi'ar Almasihu ko ta kauce. Da aka duba sai aka ga shafi biyar duk maimaita babobi ne, ƙarshe ya zarce da wa'azin haɗin kan ikilisiya.

Abin da akasarin masu ba shi shawara suka ce masa, ya kwafo tambayar yadda take harafi da harafi ya sa a farko, jimlar da ke biye ta zama amsa, misali Majalisar ta bi Cyril wajen cewa Almasihu ɗaya ne amma ta ɗauki lafazin "cikin ɗabi'u biyu" don ta dace da wasiƙar Paparoma Leo, sannan ya nuna babin da ya tabbatar da kowane ɓangare.

Wata malama ta ƙara wani gwaji da ni dai shi na fi yarda da shi, ya ba wani abokinsa kammalawar kaɗai ya ce ya faɗi tambayar, in ya kasa to da sauran aiki.

An ɗan yi saɓani kan gyara tambayar kanta, wasu suka ce ya halatta in binciken ya karkata amma fa da izinin sufabaiza. Sabon nassi ko sabuwar hujja kuwa kar ya shigo da su nan, wa'azin ma ya koma sashen shawarwari.